Jadawalin Aikin da ke Shafa wa Kansa Launi

Duk wanda ya taɓa sa magina aiki ya san tambayar da ke hana mai gini barci: yaushe za a gama? Magini zai ce kwana takwas ya ishe shi, kafinta ya ce uku, mai walda ya ce shida. Kowa ya faɗi nasa, amma babu wanda ya faɗi ranar da mai shago zai karɓi makulli, domin wasu ayyukan suna jiran juna, wasu kuwa ana yin su a tare.

Akwai wani zane da injiniyoyi suka daɗe suna warware wannan matsala da shi. Ana jera ayyuka daga sama zuwa ƙasa, a jera ranaku daga hagu zuwa dama, sannan a ja wa kowane aiki sanda mai launi daga ranar farawarsa zuwa ranar gamawarsa. Ana kiransa jadawalin Gantt, da sunan Henry Gantt, injiniyan Amurka da ya rayu daga 1861 zuwa 1919, wanda ya yaɗa shi a shekarun 1910. Kafin shi, wani injiniyan ƙasar Folan, Karol Adamiecki, ya ƙirƙiro irinsa a 1896. A wancan zamani da hannu ake zanawa, kuma idan aiki ɗaya ya makara sai an sake zana duk na bayansa. Yau mai manhajar Excel ko Google Sheets zai iya gina jadawalin da ke gyara kansa, ba tare da ya ja sanda ko ɗaya da hannunsa ba.

Sirrin abin yana cikin yadda manhajar ke kallon kwanan wata. A wurin Excel, kowace rana lamba ce. Ranar 1 ga Janairu 1900 ita ce lamba 1, kuma daga nan ake ƙirgawa, har Litinin 5 ga Janairu 2026 ta zama 46027. Tunda lamba ce, ana iya ƙara mata kwanaki, ana kuma iya tambaya ko wannan rana ta riga waccan. Duk jadawalin a kan wannan ya tsaya.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa da zai gina ƙaramin shago, a fara aiki ranar 5 ga Janairun 2026. Shafin manhajar gurabe ne, kowanne da adireshinsa: harafi na nuna layin tsaye, lamba na nuna layin kwance. A layin A zai rubuta sunayen ayyuka, a B ranar farawa, a C yawan kwanaki, a D ranar gamawa. Layin kwance na farko na kanu ne, don haka ayyukan za su fara daga na biyu: haƙa tushe kwana 3, zuba kankare da barinsa ya sha kwana 4, jera bulo kwana 8, rufin kwano kwana 3, ƙera ƙofofi wurin mai walda kwana 6, sai filasta kwana 5 a layi na bakwai.

Kwanan wata ɗaya tak zai rubuta da hannu, wato ranar farko a gurbin B2. Sauran duk lissafi ne. A D2 zai sa wannan fomula, ya jawo ta ƙasa har D7:

```
=B2+C2-1
```

Wannan ɗayan da aka cire yana da dalili. Aikin kwana 3 da aka fara ranar 5 ga wata zai ci ranakun 5, 6 da 7. Idan ba a cire ɗaya ba, manhajar za ta ce ranar 8, kowane aiki ya sami kyautar kwana guda, ayyuka biyar a jere su tura ranar gamawa da kwana biyar ba gaira ba dalili.

Ranar fara kankare kuwa ita ce washegarin gama haƙa, saboda haka B3 zai ɗauki wannan:

```
=D2+1
```

Haka bulo zai bi kankare, rufi ya bi bulo. Mai walda ba ruwansa da bulo, yana iya fara ƙera ƙofofi rana ɗaya da magini, don haka gurbinsa na B6 ma ƙarshen kankare zai duba, wato D3. Filasta ce mai jiran mutum biyu: sai an rufe kwano, sai kuma an kafa ƙofofi. A B7 ana gaya wa manhajar ta zaɓi wanda ya fi makara a cikinsu:

```
=MAX(D5,D6)+1
```

Da an gama wannan, lissafi ya fito. Haƙa daga 5 zuwa 7, kankare 8 zuwa 11, bulo 12 zuwa 19, rufi 20 zuwa 22, ƙofofi 12 zuwa 17, filasta 23 zuwa 27 ga Janairu. Idan aka tara kwanakin duka 29 ne, amma aikin kwana 23 zai ci, domin shidan mai walda sun shige cikin kwanakin magini.

Saura zanen. Daga gurbin E1 zuwa dama ake jera ranaku. E1 zai ɗauko ranar farko, F1 ya ƙara mata ɗaya, sannan a jawo F1 har AH1, a sami kwana 30:

```
E1:  =MIN(B2:B7)
F1:  =E1+1
```

Ana matse waɗannan layuka su zama ƙananan murabba'ai. Idan ##### ya bayyana a saman, ba ɓaci ba ne, gurbin ne ya yi wa cikakken kwanan wata kaɗan. Sai a shiga Format Cells, a zaɓi Custom, a rubuta d, lambar ranar kawai ta fito.

Yanzu an zo wurin launi. Manhajar tana da wata dabara ta shafa wa gurbi launi idan wani sharaɗi ya cika. Za a zaɓi filin da babu komai a cikinsa, daga E2 zuwa AH7, a tabbata daga E2 aka fara ja. A Excel ana bin Home, sai Conditional Formatting, sai New Rule, sai Use a formula to determine which cells to format. A Google Sheets ana bin Format, sai Conditional formatting, sai Custom formula is. Ga abin da za a rubuta kafin a zaɓi launi, misali kore:

```
=AND(E$1>=$B2,E$1<=$D2)
```

Kowane gurbi a filin, su 180, zai yi wa kansa tambaya biyu. Ranar da ke samana ta kai ranar fara aikin layina? Kuma ba ta wuce ranar gama shi ba? Idan amsa biyun e ce, sai ya zama kore. Guraben da suka yi kore a jere su ne sandar.

Alamar $ ita ce turken da ke ɗaure fomula kada ta yi yawo. Wadda ke gaban 1 tana cewa ko an sauka ƙasa, a ci gaba da duba layin sama. Wadda ke gaban B da D tana cewa ko an matsa dama, a ci gaba da duba waɗannan layuka biyu. Yawancin jadawalin da ya lalace a nan ya lalace, kuma siffar ɓacin tana nuna inda aka yi kuskure. Idan duk ayyuka shida suka fito da sanda iri ɗaya daga 5 zuwa 7 ga wata, an rubuta $B$2 da $D$2, an ɗaure kowa a kan aikin farko. Idan layin farko kaɗai ya fito daidai sauran suka zama fari, an manta $ ɗin gaban 1. Idan kuma sandunan sun goce sama ko ƙasa da layi ɗaya, filin da aka zaɓa bai fara daga layin da fomula ta ambata ba.

Amfanin wahalar yana fitowa ranar da magini ya ce bulo ya yanke, takwas ɗinsa sun koma sha ɗaya. Mai shago zai canza lamba ɗaya a C4. Nan take sandar bulo ta miƙe zuwa 22 ga wata, rufi ya koma 23 zuwa 25, filasta ta ƙare ranar 30. Sandar mai walda ba za ta motsa ba. Zanen kuma yana nuna wani abu da baki ba ya faɗa: a tsarin farko ƙofofi sun gama ranar 17, rufi sai 22, wato mai walda zai iya makara kwana biyar ba a ji a jiki ba, alhali kwana ɗaya na magini ko kafinta yana tura ranar karɓar makulli.

Sai batun ranar hutu. Fomular farko tana ɗauka ana aiki kullum. Idan ma'aikatan ba sa fitowa ranar Juma'a, a layin bulo za a sauya ta da wannan:

```
=WORKDAY.INTL(B4-1,C4,"0000100")
```

Lambobi bakwai ɗin ranakun mako ne daga Litinin zuwa Lahadi, kuma 1 na nufin hutu. Mai hutun Lahadi sai ya mayar da 1 ɗin ƙarshe. Da wannan, kwana takwas na bulo za su tsallake Juma'ar 16 ga wata su ƙare ranar 20. Idan aka yi wa rufi da filasta haka, rufi ya tsallake Juma'ar 23, shagon ya kammala ranar 29 maimakon 27. Layin kankare dai a bar shi da tsohuwar fomula, domin siminti ba ya daina sha ranar Juma'a. Don ranakun hutun su fito a ido, ana ƙara sharaɗi na biyu mai launin toka, a ɗora shi sama da na koren, tunda na sama ne ke rinjaye idan suka haɗu a gurbi ɗaya:

```
=WEEKDAY(E$1)=6
```

Akwai tarko biyu da suka shafi masu karatu a yankinmu. Na farko, kwamfuta da yawa suna zuwa da tsarin Amurka, inda wata ke riga rana. Mutum ya rubuta 05/01/2026 yana nufin 5 ga Janairu, manhajar ta karanta 1 ga Mayu, ba tare da ta yi ƙorafi ba. Idan kuwa ya rubuta 25/01/2026, babu wata na 25, sai ta ɗauke shi rubutu zalla: ya manne a hagun gurbi maimakon dama, ranar gamawa ta nuna #VALUE!, sanda ta ɓace. Na biyu, a Nijar, Chadi da wasu sassan Kamaru, inda ake amfani da Excel na Faransanci, sunayen fomuloli sun bambanta kuma ana raba su da alamar ; a maimakon waƙafi:

```
=ET(E$1>=$B2;E$1<=$D2)
```

Wannan jadawali yana da iyaka. Bai san cewa magini ɗaya ba zai yi aiki biyu a rana ɗaya ba, don haka idan sanduna biyu na mutum ɗaya suka hau juna, mai aikin ne zai gano da idonsa. Kuma gurabe 30 kwana 30 kawai suke ɗauka. Ga aikin wata shida, ana mayar da kowane gurbi mako guda ta hanyar ƙara 7 a F1 a maimakon 1, sannan a gyara sharaɗin ya zama E$1+6>=$B2 a ɓangarensa na farko, don kada aikin kwana uku da ya faɗo tsakiyar mako ya ɓace daga zanen.