Daidaiton kuɗin ruwa mai kariya

Daidaiton kuɗin ruwa mai kariya ƙa'ida ce a ilimin tattalin arziki da ke danganta farashin canji da kuɗin ruwan ƙasashe biyu. Ƙa'idar ta ce wanda ya ajiye naira, da wanda ya ajiye dala bayan ya ƙulla yarjejeniyar farashin da zai mayar da ita naira, dole su tashi da riba ɗaya. Wannan yarjejeniya ita ce kariyar. Masanin tattalin arziki na Birtaniya, John Maynard Keynes, ya bayyana ƙa'idar a shekarar 1923.

Lissafi

F = S × (1 + a) ÷ (1 + b)

S shi ne farashin dala ɗaya a yau, F kuma farashin gaba. Harafin a kuɗin ruwan naira ne, b na dala, dukansu na tsawon wa'adin yarjejeniyar.

Misali

A ɗauka wani ɗan kasuwa ya sayi riɗi a Miga, jihar Jigawa, ya fitar da shi waje, za a biya shi dala 10,500 bayan shekara guda. Yana so banki ya yanke masa farashi tun yanzu. A ƙaddara dala tana naira 1,500, ruwan naira kashi 20 cikin ɗari, na dala kashi 5.

Bankin zai ranto dala 10,000, ya canza ta zuwa naira miliyan 15, ya ajiye. Bayan shekara ajiyar ta zama miliyan 18, bashin kuma dala 10,500, wanda dalar ɗan kasuwar za ta biya. Idan aka raba miliyan 18 da 10,500, za a sami naira 1,714.29. Wannan shi ne farashin gaba.

Da farashin gaba zai tsaya a 1,600, mai rancen zai biya bashinsa da naira miliyan 16.8, ya ci miliyan 1.2 ba tare da kasada ba. Rububin wannan riba ne ke tura farashin zuwa inda lissafi ya nuna.

Kurakurai da iyaka

Kuskuren da aka fi yi shi ne saka ruwan shekara a gajeren wa'adi. Na wata shida ana raba ruwan biyu, wato kashi 10 da kashi 2.5, farashin ya zama 1,609.76. Wasu kuma kan juya lissafin. Alamar gane haka ita ce kuɗin da ya fi ruwa dole ya yi rauni a farashin gaba.

Farashin gaba ba hasashe ba ne na inda dala za ta kai. Ƙa'idar kuma tana aiki ne idan kuɗi na shiga da fita ba shinge. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya taƙaita samun dala daga shekarar 2015, mai naira ba ya da tabbacin samun dala a farashin hukuma, don haka lissafin bai cika dacewa da kasuwa ba.