Yadda Farashin Kuza Ya Faɗi: Bayani a Kan Zanen Bukata da Wadata

Duk wanda ya ratsa Rayfield ta Jos zai ga manyan tafkuna da tarin jar ƙasa a gefensu. Waɗannan ramukan haƙar kuza ne, tun zamanin da kamfanin ATMN yake da babban ofishinsa a wurin. Sana'ar ta daɗe tana ja da baya, amma abin da ya ƙarasa durƙusar da ita ya faru ne a Landan ran 24 ga Oktoba 1985, sa'ad da aka dakatar da cinikin kuza a kasuwar ƙarafa ta birnin. A ranar, tan ɗaya ya ɗara fam 8,000. A cikin 1986 ya faɗi ƙasa da fam 4,000. Masana tattalin arziki suna da wani zane mai layi biyu wanda yake bayyana yadda irin wannan ke faruwa, kuma mai karatu yana iya zana shi da kansa.

Yadda ake zanen

A ja layi a tsaye a gefen hagu na takarda, a jera farashi a kansa daga ƙasa zuwa sama. A ja wani a kwance a gindinsa, a jera yawan kaya daga hagu zuwa dama. A cikin wannan fili ake zana layin bukata, watau yawan kuzar da masu saye za su ɗauka a kowane farashi. Shi yana gangarowa ne zuwa dama, gama in kaya ya yi araha ana ƙara saye. Kana a zana layin wadata, watau yawan da masu haƙa za su kawo a kowane farashi. Shi kuwa hawa yake yi, domin tsada takan sa a koma har ramin da a da ba ya biyan wahala. Inda layukan suka gicciye juna ita ce mahaɗa. A nan ne abin da aka kawo ya yi daidai da abin da ake nema.

Ga misali da lissafi mai sauƙi, wanda aka ƙaga don bayani kawai. A ce a fam 8,000 masu saye suna son tan 100 a wata, masu haƙa kuma suna kawo tan 100. Mahaɗa ke nan. A ce kuma duk ragin fam 1,000 yana ƙara wa masu saye tan 10, yana rage wa masu haƙa tan 10. Ashe a fam 7,000 za a nemi tan 110, a kawo 90 kaɗai, ƙarancin kuma ya mayar da farashi sama.

Sa'ad da layi ya gusa

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. In farashin kuza ne kaɗai ya sauya, ba layin da ya motsa. Tafiya ce aka yi a kan layin, daga wannan ɗigo zuwa wancan. Layi yana gusawa ne ɗungum in wani abu dabam, ba farashin ba, ya sauya halin masu saye ko na masu haƙa.

Babban aikin kuza a wancan zamani shi ne shafe ƙarfen gwangwanin abinci da na abin sha don kada ya yi tsatsa. To, sai masana'antu suka koma ga gwangwanin alminiyam da roba, suka kuma koyi shafa kuza siriri fiye da da. Wannan ya sa ko nawa ne farashi, ba sa bukatar yawan da suka saba. A cikin misalin nan, a ce bukata ta ragu da tan 20 a kowane farashi. Sai a sake zana layin bukata a hagu da tsohon. Yanzu a fam 8,000 ana neman tan 80, alhali ana kawo 100. Kaya ya yi kwantai, masu shi suka rage kuɗi. Da aka sauko fam 7,000, masu saye suna son 90, masu haƙa suna kawo 90. Sabuwar mahaɗa ke nan.

Lalle ne a lura da abu guda: bukata ta ragu da tan 20, amma cinikin da aka yi ya ragu da tan 10 ne kawai, domin arahar ta jawo waɗansu masu saye sun dawo. Layin wadata kuwa yana nan inda yake. Masu haƙa sun rage aiki, amma gangarowa suka yi a kan layinsu. Kuskure ne a ce wadata ta gusa.

Daga baya ne ta gusa, ta wata hanya. A farkon shekarun 1980 ƙasar Burazil ta buɗe sababbin wuraren haƙa masu yalwa da sauƙin aiki a yankin Amazon. A ce wannan ya ƙara tan 20 a kowane farashi. Layin wadata ya koma dama. A fam 7,000 ana kawo 110, ana neman 90. Sai an kai fam 6,000 kafin duka biyun su tsaya a tan 100. Yawan ciniki ya komo inda ya fara, amma farashi ya sauka da fam 2,000.

Daga nan ake samun hanyar gane wane layi ne ya motsa. In farashi da yawan ciniki suka tafi waje ɗaya, ko su hau tare ko su sauka tare, bukata ce ta gusa. In ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, wadata ce. In kuwa duka biyun suka gusa kamar a nan, faɗuwar farashi tabbas ce, amma yawan ciniki ya danganta ga wanda ya fi nisan tafiya. Daidaiton da aka gani a misalin ya zo ne don an ba kowannensu tan 20.

Me ya sa faɗuwar ta zo farat ɗaya?

Bisa ga zanen, da farashi ya riƙa saukowa sannu a hankali. Abin da ya hana shi ne Majalisar Kuza ta Duniya, wadda ta fara aiki a 1956, Nijeriya kuma tana cikinta tare da Maleshiya da Indunusiya da Tailan. Majalisar tana da rumbu: in farashi ya doshi ƙasa sai ta saye rarar ta ajiye. Tun 1982 ta kuma ƙayyade yawan da ƙasashenta za su fitar. Amma Burazil ba ta cikinta, saboda haka ta ci moriyar tsadar ba tare da ƙayyadewa ba.

A koma ga misalin. In aka tsare farashi a fam 8,000 bayan layukan sun gusa, ana kawo tan 120, ana neman 80. Tazarar da ke tsakanin layukan biyu a wannan farashi, tan 40, ita ce Majalisar za ta saye kowane wata, da kuɗin rance. Mahaɗa ta riga ta sauka, ba a dai bar farashi ya bi ta ba. Da bashi ya kai kusan fam miliyan 900 aka rasa mai ƙara ba da rance, sai sayen ya tsaya. Farashi ma ya zarce ƙasa da mahaɗar, saboda tarin kuzar da ke rumbu ya zama ƙarin wadata a kasuwa. Ba a sake buɗe cinikin kuza a Landan ba sai a 1989.

Masu haƙa na ƙasar Jos suna can saman layin wadata, wurin waɗanda aikinsu ke da tsada. An riga an kwashe kuzar da ke kusa da fuskar ƙasa, saura tana da zurfi, wata ma tana ƙarƙashin dutse mai tauri. Idan mahaɗa ta gangaro, irin waɗannan ramuka ne suke fara fita daga kasuwa. Tan 10 ɗin da ake cirewa a kan takarda, a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi injuna ne da aka kashe, da leburorin da aka sallama.