Yadda Ake Tsara Ma'aunin Maki a Kan Amsar Dokar Tsarin Mulki

Malamai biyu kan duba amsa ɗaya, wannan ya ba ta 14 cikin 20, wancan ya ba ta 8. Yawanci abin da ke jawo haka shi ne an fara ba da maki kafin a rubuta ma'auni. A rubuta shi tun ranar da aka tsara tambaya.

Ga tambayar gwaji. Majalisar dokokin wata jiha tana da mambobi 30. Sha biyu sun sa hannu a takardar zargin gwamna. Ranar ƙuri'ar a binciki zargin, 24 suka halarta, 18 suka amince. Daga baya aka tsige gwamnan, ya garzaya kotu.

A raba maki 20 kashi biyar. Maki uku na gano batutuwa ne: an bi matakan sashe na 188 na Kundin Tsarin Mulkin 1999? Kotu tana da hurumi? Biyar na kawo doka: kashi ɗaya cikin uku na mambobi ne ke sa hannu a zargi, kashi biyu cikin uku na dukkan mambobi ne ke amincewa da bincike, sannan ƙaramin sashe na 10 ya hana kotu sa baki. Nan ne ɗalibi zai kawo shari'ar Inakoju da Adeleke kan tsige Gwamna Ladoja na Oyo, inda Kotun Ƙoli ta ce hanin ba ya aiki sai an cika matakan da suka gabace shi. Biyu na hukunci ne, biyu na tsarin rubutu.

Sauran takwas na ɗora doka a kan labarin ne, domin nan ake bambanta mai hadda da mai fahimta. Sa hannun mutum 12 ya wadatar, tunda 10 ake buƙata: maki biyu. Ƙuri'a 18 ba ta kai ba, tunda 20 ake buƙata: maki huɗu. Saboda haka kotu tana da hurumi: maki biyu.

Wanda ya yi lissafi da mutum 24 da suka halarta ya rasa waɗannan huɗun. Amma idan sauran hujjarsa ta bi lissafinsa daidai, kada a sake yanke masa. Kuskure ɗaya, hukunci ɗaya.

Kafin a shiga aiki, malamai biyu su duba amsoshi biyar kowa shi kaɗai, sunaye a rufe, su gwada sakamako. Inda suka saɓa sosai, a gyara lafazin ma'aunin. Idan wani ɗalibi ya kawo hujja ingantacciya da ba a zata ba, kamar tsige Balarabe Musa a Kaduna a 1981, lokacin da kotu ta ƙi sa baki, a shigar da ita, a koma kan takardun da aka riga aka duba.

Malam, duk makin da ba za ka iya nuna wa ɗalibi dalilinsa a takardarsa ba, kada ka ba shi, kada kuma ka yanke masa.