Ƙurajen Maƙogwaro da Zazzaɓi a Jikin Yara

Iyalai da yawa daga ƙauyukanmu suna zaune a Sabha, babban garin Fezzan a kudancin Libiya. Gida ɗaya yakan tara iyalai da dama, yara suna wasa tare, suna sha da kofi ɗaya. A irin wannan zama ne ciwon hannu da ƙafa da baki yake saurin bin yara, musamman 'yan ƙasa da shekara 5.

Yadda yakan zo

A ce wata uwa a Sabha tana da yaro ɗan shekara 2, nauyinsa kilo 12. Ran Litinin jikinsa ya yi zafi, ya ƙi abinci. Ran Talata yawu yana ta dalala, in an ba shi ruwa sai ya fashe da kuka. Uwar ta haska bakinsa da tocila, ta ga ƙananan ƙuraje can ciki kusa da belu. Wasu sun duri ruwa, wasu sun fashe sun zama gyambo mai jan gefe. Ran Laraba jajayen ƙuraje suka fito a tafin hannu da tafin ƙafa da ɗuwawu. A jikin wasu yaran ƙurajen a maƙogwaro kaɗai suke tsayawa.

Wata ƙwayar cuta ce, irin da ake kira bairos, take kawo shi. Tana bi ta yawu da majina da ruwan ƙurajen da kashi. Bayan ta shiga jiki, ciwon yakan bayyana cikin kwana 3 zuwa 6. Ba daga dabbobi ake ɗauka ba, ciwon baki da kofato na shanu daban ne.

Inda haɗarin yake

Ciwon yakan warke da kansa cikin kwana 7 zuwa 10. Abin tsoro shi ne yaro ya ƙi shan ruwa saboda zafin haɗiya. A Sabha zafin rana yakan wuce digiri 40 lokacin zafi, ga kuma zazzaɓi. Haka yake a garuruwanmu da bazara. Yaron da ba ya sha, jikinsa yana iya bushewa cikin yini guda.

Abin da uwar za ta yi

Ta fara da rage masa zafin. Farasitamol na ruwa, mai miligiram 120 a cikin kowane mililita 5, yaro mai kilo 12 zai sha mililita 7 da rabi, kowane awa 6, kada ya wuce sau 4 a kwana guda. Ma'aunin yana bin nauyin yaro ne, don haka ku tambayi ma'aikacin lafiya na yaronku.

Bayan kamar rabin awa, maganin ya fara aiki. Lokacin ne za ta ba shi abin sha, cokali cokali, ba tare da gaggawa ba: ruwa mai sanyi, madara, koko da ya huce, ko ruwan gishiri da sukari na asibiti, ƙunshi 1 a lita 1 ta ruwa mai tsabta. In yana shan mama, ta ci gaba da ba shi. Lemo da tsamiya da yaji da abu mai zafi suna ƙara masa raɗaɗi.

Abin da ba za a yi ba

Kada a kai shi wurin wanzami a yanke belu. Ba belun ne ya kawo ciwon ba, yankan kuwa yana jawo zubar jini, ya ƙara hana yaro sha. Kada a kankare ƙurajen. Amoksisilin da makamantansa ba sa kashe bairos. Kada a ba yaro asfirin.

Ku kai shi asibiti nan da nan idan:

- ya yi awa 8 bai yi fitsari ba, ko yana kuka ba hawaye, ko idanunsa da maɗigarsa sun faɗa;
- yana yawan barci da wuyar tashi, ko yana zabura, ko wuyansa ya sanƙare, ko yana numfashi da ƙyar;
- zazzaɓin ya wuce kwana 3, ko jaririn bai kai wata 6 ba;
- kun ga wani abu fari ko ruwan toka ya manne a maƙogwaro, wuya kuma ya kumbura. Wannan yana iya zama mashaƙo, ciwo mai kisa da ya ɓarke a Kano da Damagaram a 2023.

Kare sauran yara

A ware masa kofinsa da cokalinsa. Ƙwayar cutar takan daɗe a cikin kashi har makonni bayan ya warke, saboda haka a riƙa wanke hannu da sabulu bayan an yi masa tsarki. In fatar tafinsa ta saɓule, ko farce ya fita bayan 'yan makonni, kada ku firgita, sabo zai fito.

Allah ya ba yaranmu lafiya.