Buhu Goma da Littafi Bai San Inda Suka Shiga Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin sito a Kasuwar Singa ta Kano ranar ƙidayar kaya ya san yadda wurin ke yin tsit. An tura ƙofa, yara suna hawa kan tarin buhuna suna kiran lamba, maigida na zaune da biro yana jiran jimla. Abin da ya fito daga bakin yaran nan shi zai faɗa masa ko ya ci riba a bana ko ya faɗi. Akantoci suna da hanya biyu ta lura da kayan da ke sito, kuma wannan da muka gani ita ce tsohuwar: ƙidayar lokaci-lokaci.

A wannan tsari, duk kayan da aka saro ana rubuta kuɗinsu a shafin sari, duk cinikin da aka yi ana rubuta shi a shafin ciniki, amma ba wanda ke rage adadin kayan sito a littafi sa'ad da buhu ya fita. Sai ƙarshen wata ko ƙarshen shekara a ƙirga abin da ya rage. Daga nan lissafin mai sauƙi ne: a haɗa kayan da aka fara da su da waɗanda aka saro, a cire waɗanda aka tarar, saura shi ne ake ɗauka an sayar. Ɗaya tsarin kuwa, na rubutun nan-take, kowane buhu da ya shigo ko ya fita ana shigar da shi a lokacin, ko a kati ko a kwamfuta. Kowane ciniki rubutu biyu yake jawowa, ɗaya na kuɗin da ya shigo, ɗaya na uwar kuɗin kayan da suka fita. Don haka ko da tsakar rana aka tambayi littafi, zai faɗi buhu nawa ya kamata a samu a sito.

Mu ƙaddara wani dillalin shinkafa ya fara shekara da buhu 100, ya saro 400, kowanne a kan naira 60,000. Buhu 500 ke nan, na naira miliyan 30. Ya sayar da 410 a kan naira 65,000, cinikinsa ya kama naira 26,650,000. Ranar ƙidaya aka tarar da buhu 80, waɗanda uwar kuɗinsu naira 4,800,000 ce.

Mai ƙidayar lokaci-lokaci zai cire wannan daga miliyan 30, ya ce uwar kuɗin abin da aka sayar naira 25,200,000 ce, riba kuma 1,450,000. Lissafi ya daidaita, ba wanda ya ga aibu. Amma a duba da kyau: ya lissafa buhu 420 a matsayin waɗanda aka sayar, alhali 410 ne suka kawo kuɗi. Goman nan, ko ɓera ne ya fasa su, ko ruwa ya taɓa su, ko wani ya yi awon gaba da su, sun narke cikin adadi ɗaya ba tare da sun bar sawu ba.

Littafin nan-take ba zai bari hakan ta wuce shiru ba. Zai nuna uwar kuɗin buhu 410, wato naira 24,600,000, da ribar ciniki 2,050,000, sannan ya ce saura buhu 90 a sito. Da aka ƙirga aka ga 80, dole a rubuta giɓin buhu 10, naira 600,000, da sunansa na asara. Bayan an cire shi, ribar ta dawo 1,450,000, daidai da ta farko. Kuɗin da ya rage a aljihu ɗaya ne, amma labarin ya sha bamban. Na farko zai tafi gida yana zargin kasuwa da rashin albarka, wataƙila ma ya ƙara farashi ya kori masu saye. Na biyu ya san cinikinsa lafiya lau yake, matsalar a ƙofar sito take. A ganina wannan ne babban abin da ya raba tsare-tsaren biyu, kuma yana damuna yadda ake yawan mayar da shi zancen wa ke da kwamfuta, wa ba shi da ita.

Mai tsohon tsarin ma yana da alamar da za ta farkar da shi, in ya san inda zai duba. Shinkafar da ake ɗora wa naira 5,000 a kan 60,000 ya kamata ta bar kusan naira 8 a cikin kowace 100 ta ciniki. In ya ga ta koma naira 5 da ɗoriya alhali farashi bai motsa ba, to da walakin.

Akwai kuma inda ribar kanta take canzawa, wato idan farashin sari ya tashi kuma ana amfani da matsakaicin farashi. A ce akwai buhu 100 na naira 60,000, aka sayar da 50, aka saro 100 a kan 72,000, aka sake sayar da 100. Mai jiran ƙarshen wata zai haɗa duka 200 ya sami matsakaicin 66,000, ya kimanta buhu 50 da suka rage a kan naira 3,300,000. Mai rubutun nan-take ya riga ya fitar da 50 na farko a kan 60,000, don haka da sabon kaya ya sauka, matsakaicinsa ya zama 68,000, ragowar ta kama 3,400,000. Bambancin naira 100,000 zai bayyana a riba, da darajar kayan da ke takardar dukiyar kamfani, har da harajin da za a lissafa a kai. Da a ce ana bin ƙa'idar wanda ya fara shiga shi ke fara fita, tsare-tsaren biyu adadi ɗaya za su bayar. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai lura da kayan sito, IAS 2, wadda kamfanonin da ke kasuwar hannun jarin Nijeriya suke bi tun 2012, ta yarda da hanyoyin nan biyu, ta hana ɗaukar na ƙarshen shiga a matsayin na farkon fita. Ba ta tilasta wa kowa ɗaya daga cikin tsare-tsaren rubutun ba.

Haɗarin ƙidayar lokaci-lokaci shi ne komai ya rataya a kan rana ɗaya. In aka yi kuskure aka haɗa da buhu 10 na ajiyar maƙwabci, aka ce 90 maimakon 80, ribar bana za ta kumbura da naira 600,000. Baɗi kuma, da yake ragowar bana ita ce mafarin baɗi, ribar za ta ragu da daidai wannan adadi. Shekara biyu ke nan da rahoto ba ya kan gaskiya, kuma wataƙila abokan jari sun riga sun raba ribar da babu ita.

Rubutun nan-take ma iyakarsa hannun mai rubutawa. Buhun da aka ba ɗan'uwa bashi da baki, da wanda aka dawo da shi ba a shigar ba, da cinikin da aka yi ranar da wuta ta ɗauke aka ce sai an jima, duk za su sa allo ya nuna kayan da babu su. Shi ya sa ko manyan kantuna masu na'urar karanta lambar kaya ba su daina ƙidaya da hannu ba, sau da yawa ɓangare-ɓangare cikin shekara, kuma masu binciken kuɗi sukan halarci ƙidayar da kansu in kayan na da yawa. Mai sayar da gishiri da daddawa a awo ba zai ɓata lokacinsa kan rubuta kowane cokali ba, ƙidaya ta ishe shi. Amma mai buhun da ɗaya ya kai naira 60,000, kati ɗaya ga kowane irin kaya, mai layin shiga da na fita da na saura, ya isa ya nuna masa giɓin tun yana buhu biyu.