Ƙarewar Wa'adin Kwangilolin Zaɓi na Bitkoyin: Shin Farashi Yana Bin Maƙurar Asara?

Kwangilar zaɓi yarjejeniya ce da ke bai wa mai ita damar sayen bitkoyin ko sayar da shi a kan ƙayyadadden farashi ranar cikar wa'adi, ba tare da tilasci ba. A kasuwar Deribit, wadda ta yi fice a wannan ciniki, kwangilolin wata suna ƙarewa ne a Juma'ar ƙarshe, da ƙarfe 8 na safe agogon GMT. Maƙurar asara kuwa ita ce farashin da idan aka rufe a kansa, masu riƙe da kwangiloli za su karɓi kuɗi mafi ƙaranci.

Ga misali na ƙiyasi. A ɗauka akwai zaɓin saye 100 a kan dala 60,000, da wasu 200 a kan 65,000, sai zaɓin sayarwa 200 a kan 70,000. Idan aka rufe a 60,000, masu zaɓin sayarwa kaɗai za su karɓi dala miliyan 2. A 70,000 ma miliyan 2 ce, amma ta masu zaɓin saye. A 65,000 kuwa, jimillar miliyan 1.5 ce. Ke nan 65,000 ce maƙurar asara.

Masu wannan ra'ayi suna cewa waɗanda suka sayar da kwangiloli za su ja farashi zuwa can. Sai dai lissafin bai nuna wanda ya saya da wanda ya sayar ba, alhali a nan gizo ke saƙar. Dillalin da ya sayi kwangiloli yakan kare kansa ta hanyar sayar da bitkoyin in farashi ya hau, ya saya in ya sauka, wanda hakan ke daddale farashi wuri guda. Dillalin da ya sayar kuwa akasin haka yake yi, sai ya ƙara ingiza farashi inda ya nufa.

Binciken Ni da Pearson da Poteshman na 2005 ya gano cewa farashin hannayen jari a Amurka yakan taru kusa da ƙayyadaddun farashin kwangiloli ranar ƙarewa. Amma wannan bai tabbatar da maƙurar asara ba, domin abu biyu ne daban. A ranar 27 ga Disamba, 2024, maƙurar tana wajen dala 85,000, bitkoyin kuwa ya rufe sama da 90,000.

Haka kuma maƙurar ba a kafe take ba. Sababbin kwangiloli sukan buɗe kusa da farashin ranar, sai maƙurar ta matso. Don haka mai son gwada ra'ayin sai ya rubuta maƙurar mako guda kafin wa'adi, sannan ya duba wanda ya je wa wani: farashi ko maƙura.