Idan Mai Gida Ya Ce A'a: Wasiƙar Hana Ɗora Haya Kan Haya

A ɗauki misalin wani magidanci da ke haya a unguwar Hotoro a Kano: ɗaki uku da falo, naira 600,000 a shekara. Ɗan yayansa ya sami gurbin karatu a Jami'ar Bayero, ga ɗaki ɗaya babu kowa. Sai ya rubuta wa mai gida yana neman izinin ba yaron ɗakin a kan naira 150,000, ya rage wa kansa nauyi. Mai gida bai yarda ba.

Abin da yawancin 'yan haya ba su lura da shi ba shi ne bambancin baƙo da ɗan haya. Ɗan'uwan da ya sauka ya kwana biyu baƙo ne. Amma da zarar kuɗi ya shiga, aka miƙa masa makullin ɗaki, ya zama ɗan haya na biyu, wanda mai gida bai zaɓa ba, bai kuma sa hannu da shi a takarda ba. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta fito fili ta hana yin haka ba da yardar mai gida ba. A Kano ma lauyoyi kan sa wannan sharaɗi a cikin takardar yarjejeniya.

Saboda haka wasiƙar ƙin ba ta buƙatar tsawo. Bayan kwanan wata da sallama, mai gida zai ambaci ranar da buƙatar ta iso masa, ya nuna sakin layin yarjejeniyar da ya dogara da shi, sannan ya faɗi matsayinsa ba kwana-kwana: "Malam, na duba buƙatarka, amma ban amince a ba da wani ɗaki haya ga kowa ba, ɗan'uwa ne ko bare." Yana da kyau ya kawo dalili na zahiri, kamar ƙarancin ruwa, ko sokawe mai saurin cika, ko mitar wuta ɗaya da ake rabawa da maƙwabta. Ya kuma bayyana cewa ba a hana baƙi ziyara ba, domin nan ne zuciya ke sosuwa.

Inda ake samun matsala shi ne kunya. Mai gida ya rubuta "bari mu gani", ɗan haya ya ɗauka an yarda, yaro ya shigo da katifa. In kuma mai gida ko dillalinsa ya karɓi kuɗi daga hannun yaron ya yanka masa rasit, to ya raunana hujjarsa a kotu, domin za a ce ya amince a aikace.

A yi wasiƙar kwafi biyu, ɗan haya ya sa hannu a kan ɗaya da kwanan wata, mai gida ya ajiye ta tare da yarjejeniyar.